Kunnen Doki a Tsibiri

Kalmar da ta kayar da ni a Tsibiri haruffa uku ce kacal: nul. A wasan eshek, idan ba wanda ya ci wani, da Faransanci cewa ake wasan ya zama nul. To amma duk wanda ya yi lakkwal a ƙasar nan ya san inda ya fara jin kalmar. A bakin mushe ya ji ta, ranar da aka raba takardun jarrabawa, kuma ma'anarta a ranar ita ce ba ka iya komi ba. Hausa ba ta yi mana haka ba. Ita cewa ta yi kunnen doki, abu biyu tsaye kai ɗaya, babu wanda ya ɗara wani. Sakamako ɗaya ne, amma ɗaya sunan zagi ne, ɗaya kuwa awo ne. Ni da nake karatun kimiyyar harshe ya kamata in fi kowa gane wannan. Ban gane ba sai da na jawo wa fadarmu asarar agogo.

Ga yadda abin ya faru. Lokacin babban hutu, fadarmu ta unguwar Zariya a Maraɗi ta shirya karawa da ƴan wasan Tsibiri, mutum biyar da biyar. Akwai agogon wasa guda ɗaya, irin mai fuska biyu, wanda yake hannun ƴan Tsibiri. Aka yi alkawari cewa in mun ci, agogo ya biyo mu Maraɗi. In sun ci ko an tashi daidai, ya zauna inda yake. Muka hau kabu-kabu da hantsi muka tafi. Wajen la'asar an gama wasa huɗu, muna da maki biyu da rabi, suna da ɗaya da rabi. Saura nawa. Duk wanda ya iya lissafin firamare ya san abin da ake buƙata daga gare ni: rabin maki. Kunnen doki ya ishe mu.

Abokin karawata wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, kowa Mushe yake ce masa. Ni ke da farare. Wasan bai yi mini kyau ba, ya ci soro ɗaya da doki, wato ya fi ni ƙarfi a kan allo. Zan faɗi inda ƴaƴan suke, don mai allo a ɗaki ya jera ya gani da idonsa. Nawa: sarki a h2, sarauniya a e4, doki a h4, sojoji a f2 da g3. Nasa: sarki a g8, sarauniya a b3, soro a a1, sojoji a a4, f6, g7, da wani guda da ya kutso har h3, gaban hancin sarkina. A rubutun da muka saba, R sarki ne, D sarauniya, T soro, C doki, alamar + kuma ita ce kashedi, lokacin da muke cewa "sarki!"

In na ba shi sarari, na mutu. Sarauniyarsa za ta sauko layin farko ta haɗu da soro su rufe ni a h1, ga kuma sojan a4 saura taku uku ya zama sarauniya. Amma sarkinsa ba shi da rufi sosai, kuma na ga ƙofa:

```
38. De8+ Rh7
39. Dh5+ Rg8
40. De8+ Rh7
```

Wannan shi ne kashedi marar ƙarewa. Daga e8, sarauniyata ta tilasta wa sarki zuwa h7, ba shi da wani gida. Daga h5, ta mayar da shi g8, nan ma ba shi da wani. Hanya biyu kaɗai ake karya irin wannan zagaye: ko a ci sarauniyar a e8 ko h5, ko a sa wani ɗa a tsakani, a f8 ko h6. Na duba gidajen nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Sarauniyarsa daga b3 ba ta kai ko ɗaya, soronsa daga a1 ma haka. Duk ƙarfin da ya fi ni ya zama kallo, don wanda ake ce wa "sarki!" ba shi da damar yin wani abu sai amsawa.

A nan ne wani daga cikin ƴan kallo ya ce, "Kai, Bakatsine ya tsorata. Nul yaka biɗa!" Aka yi dariya. Shugaban fadarmu yana tsaye bayan Mushe yana kaɗa mini kai, ma'ana ci gaba da abin da kake. Na ga kansa, amma kunnena ya riga ya ji kalmar.

Sai na fara neman hanyar ci. Kuma na samu wadda ta yi kyau ƙwarai a ido. In na yi kashedi a g6, doki yana tsare da sarauniya, sarki ya koma g8. Sai in kai doki f5, ina barazanar cin g7 da mat. Na tambayi kaina: mi zai kare da shi? In ya kawo sarauniya f7, doki ya faɗa h6 da kashedi, sojan g7 ba ya iya cinsa don sarauniyata tana daidai da sarki a layin g, sai in ci sarauniyarsa ko in yi mat. In ya kai ta b7 don ta tsare g7, ba komi, sai in koma e8 in ci gaba da zagayena. Na ce a raina gwaji ne na kyauta. In ya faɗa rami na ci, in bai faɗa ba kunnen dokina yana nan.

```
41. Dg6+ Rg8
42. Cf5  Th1+
43. Rxh1 Df3+
44. Rg1  Dg2 mat
```

Mushe bai ɗauki minti ɗaya ba kafin ya jefo soronsa h1. Dole in ci, don babu gidan gudu. Sai sarauniya ta biyo layi na uku ta zauna f3, daga nan g2, inda sojan h3 yake tsare da ita. Dokin da na ɗauke daga h4 shi ne mai gadin f3 da g2 duka biyu. Muddin yana wurin, wannan sadaukarwar hauka ce, don da zai cinye sarauniyar a f3. Ni na ɗauke mai gadi na aike shi farauta. Aka tashi biyu da rabi da biyu da rabi, agogo ya kwana a Tsibiri.

Da aka watse, Mushe ya sake jera ƴaƴan ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, zamna. Da kat tashi barin kashedi, mi ka lissafa?"

Na ce, "Mushe, na lissafa duk yadda za ku kare g7."

Ya ce, "To nan ka ɓata. Ka tambayi yadda zan kare. Ba ka tambayi yadda zan buga ba. Wanda duk zai saki wuyan mutum, shi fara duba mi ke hannun mutumen."

Wannan shi ne darasi na farko, kuma na mayar da shi ƙa'ida. Taku marar kashedi kyauta ce ta taku ɗaya ga abokin karawa. Kafin ka ba da ita, ka jera duk kashedin da yake da shi, har wanda ya yi kama da wauta, ka bi kowane har ƙarshensa. A wancan zaman, kashedinsa biyu ne kawai: soro a h1, da sarauniya ta ci g3. Biyu. Da na duba su, da cikin rabin minti na ga mutuwata. Sannan ka tambayi ɗan da za ka ɗaga: wane aiki kake yi a inda kake? Sai bayan wannan ne ake lissafin yadda zai kare.

Darasi na biyu ya fi ciwo. Mushe ya mayar da allo zuwa bayan taku na 41, sarauniyata a g6, sarkinsa a g8. Ya ce, "Ko nan, da ka koma e8, wasa ya ƙare." Na ce ai na riga na karya jerin, sai dai in sake ƙirga daga farko. Ya yi dariya ya ce in je in karanta doka.

Na karanta. Dokokin FIDE, hukumar wasan ta duniya, a sashe na 9.2, ba su ce a maimaita taku sau uku ba. Cewa suka yi zama ɗaya ya bayyana sau uku, kuma suka ƙara a fili cewa ba lallai ta hanyar maimaita taku ba. Zaman da sarauniyata ke e8, sarkinsa a g8, shi ke da taku, ya bayyana a taku na 38, ya sake bayyana a na 40. Da na koma e8 a taku na 42, na uku ke nan. Ko ta h5 na bi, ko ta g6, doka ba ruwanta da hanya, masauki take ƙirgawa. Na daɗe ina wasa da dokar da na ji a bakin mutane, "in an yi abu ɗaya sau uku", ban taɓa tsayawa na tambayi wane abu ba. Kalma guda ce na fassara ba daidai ba, ni mai karatun kalmomi.

Na sami ɗan sanyi da na ga manya ma ta taɓa kama su. A 1971, a Buenos Aires, Bobby Fischer da Tigran Petrosian suka kara don fitar da wanda zai ƙalubalanci zakaran duniya. Kowa ya ci ɗaya a wasa biyun farko. A na uku, Petrosian, tsohon zakaran duniya, ya fi kyawun zama, yana juya ƴaƴansa a hankali yana neman hanya. Bai lura ba zama ɗaya yana dawowa ta hanyoyi dabam-dabam. Fischer ya lura, ya rubuta takunsa, ya nemi kunnen doki, aka ba shi. A ƙarshe Fischer ya ci karawar da shida da rabi da biyu da rabi. Wanda ya fi ƙarfi a kan allo ya rasa rabin maki saboda bai ƙirga ba; wanda ke cikin wahala ya tsira saboda ya ƙirga.

To mi ake nufi da zama ɗaya? A nan ne karatuna ya yi mini amfani. A darasin ma'ana an koya mana cewa jimlar "ni na ci" ba magana ɗaya ba ce in ni na faɗa da in kai ka faɗa, ko da haruffan ba su sauya ba. Allo ma haka yake. Bai isa ƴaƴa su zauna a gidaje iri ɗaya ba. Dole ya zama mutum ɗaya ne ke da taku a dukkan lokutan uku, kuma abin da kowa ke da ikon yi bai sauya ba. In a karon farko kana da ikon musanyar sarki da soro, wadda muke kira rok, daga baya sarkinka ya motsa ya dawo, hoton ɗaya ne amma zaman ya sauya, don ikon ya tafi. Haka in a karon farko ana iya cin soja a kan wucewa, a karo na biyu ba a iyawa. Ko a nan manya sun yi tuntuɓe. A Reykjavik a 1972, wasa na 20 tsakanin Fischer da Boris Spassky, Fischer ya nemi kunnen doki, Spassky bai yi gardama ba ya sa hannu. Daga baya aka lura cewa ba mutum ɗaya ke da taku ba a dukkan lokutan uku.

Akwai kuma yadda ake nema, don sau uku ba ya tsayar da wasa da kansa. Haƙƙi ne, sai ka buɗe baki. Kuma sai lokacin takunka ne. In takun da za ka yi ne zai kawo zaman na uku, kada ka yi shi a kan allo. Ka rubuta shi a takardarka, ka tsayar da agogo, ka kira alƙali ka ce ga abin da za ka taka. In ka riga ka taɓa ɗa don ka motsa shi, haƙƙinka na wannan takun ya faɗi. In alƙali ya duba ya ga ƙirgarka ba daidai ba ce, a wasa mai dogon lokaci ana ƙara wa abokin karawarka minti biyu, kuma dole ka yi takun da ka rubuta. Saboda haka kada ka rubuta takun da zai kashe ka in ƙirga ta ƙi. Tun 2014 an ƙara cewa in zama ya bayyana sau biyar, wasa ya ƙare ko ba wanda ya nema. Wani abin mamaki kuma: kashedi marar ƙarewa ba shi da wani sashe nasa a dokokin yanzu. Ba a ba ka kunnen doki don ka ce "sarki!" sau da yawa. Ana ba ka ne don kashedin ya dawo da zama ɗaya sau uku, ko don ku biyu kun yarda.

Wannan bambancin shi ya ba ni wasa a Jiratawa bayan sati uku. Na je wurin kawuna, wanda ke da gona a filin noman rani na bakin Gulbi, sai na tarar da yaran koleji suna wasa ƙarƙashin bedi, da waya a matsayin agogo, mai ƙara daƙiƙa biyar a kowane taku. Na zauna da wanda suka ce ya fi su. Wannan karon ni ke da baƙaƙe, na fi shi da soro guda, amma lokacina ya kusa ƙarewa. Kamar Allah ya shirya, sarkina yana g8, sojojina a f6 da g7, sarauniyarsa ta faɗo e8. Na koma h7, ya zo h5. Yaron ya fara murmushi.

Amma akwai bambanci guda da Tsibiri: sarauniyata tana c1, kuma hanyarta zuwa h6 a buɗe take. Zagayen nasa yana da ɓaraka. Na gan ta tun kashedi na biyu, sai dai ban toshe nan take ba. Na koma g8, ya koma e8, na koma h7, ya dawo h5. Takun nan biyu da ba sa buƙatar tunani sun ƙara mini daƙiƙa goma, kuma a cikinsu na tabbatar da lissafina. Ana yin haka, ba haramun ba ne, amma da sharaɗin kana ƙirga da yatsa. A lokacin, zaman e8 ya bayyana sau biyu. Da na sake komawa g8, da ya nuna e8 ya nemi haƙƙinsa, kuma da ya samu. Wanda ke maimaitawa don ya sami numfashi yana da zagaye ɗaya ne na kyauta. Na biyu ba nasa ba ne.

Yaron ya miƙo hannu ya ce, "Yaya, an yi nul. Sau huɗu na ce sarki."

Na ce, "Ƙanena, ba bakinka ake ƙirgawa ba. Allo ake ƙirgawa." Na ɗauki sarauniya na ajiye a h6, tsakanin tasa da sarkina. Ya gwada wasu kashedi kaɗan, duk sarauniyata ta tare, soro ya zo ya taimaka, ya miƙa wuya. Bai ji daɗi ba, na kuwa san irin zafin. Na jera masa wasana na Tsibiri ya gani, don ya san ba shi kaɗai ba ne.

In na ajiye wasannin nan biyu gefe da gefe, sarki da sojoji a gidaje ɗaya suke, kashedin ma ɗaya ne. A ɗaya tsayawa ce daidai, a ɗaya ci gaba. Abin da ya raba su ba ƙarfin zuciya ba ne. A Jiratawa ina iya faɗin takun da zan yi da sunansa, h6, da abin da zai biyo baya, kuma na duba kashedinsa duka. A Tsibiri abin da nake da shi fata ne, wato ko Allah ya sa ya yi kuskure. Yanzu in na zo mararrabar nan, tambaya uku nake yi wa kaina kafin hannuna ya tashi. Wa ya fi ƙarfi in kashedi ya tsaya? In na bar zagayen nan, ƙofar komawa tana nan ko takun da zan yi ne zai rufe ta? Rabin makin nan na wa ne? A Tsibiri amsar ta farko Mushe ce, ta biyu ban duba ba, ta uku kuwa ita ta fi nauyi: rabin makin ba nawa ba ne ni kaɗai. Na mutum huɗu ne da suka gama nasu aikin suna tsaye suna jira. Na yi caca da abin da ba nawa ba don kada wani da ban ko san sunansa ba ya ce na tsorata.

Ba ina cewa duk inda ka ga kunnen doki ka rungume shi ba. Akwai waɗanda suke da wasa a hannu, su ga sunan abokin karawa ya fi nasu, su ruga su maimaita don su tsira da rabi. Wannan ma rashin lissafi ne, sai dai tsoro ya kawo shi ba girman kai ba. Dukansu biyu sun saurari wani abu da ba ya kan allo.

A hanyar dawowa daga Tsibiri ran nan, ba wanda ya yi mini faɗa. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi. Shugaban fada dai ya ce, da muka sauka a tasha, "Shayin yau kai ka saye." Na saya, har da sukari da gawayi. Har yanzu in muna wasa a fada da waya, batir ya mutu ana tsakiyar wasa, sai wani ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Ina ma muna da agogo." An sa ranar ramuwa a hutu mai zuwa. Na roƙi a sake haɗa ni da Mushe, kuma na rubuta sashe na 9.2 da Hausa a bangon littafina, da kalmar "zama" an ja mata layi biyu.